Wasiƙar da ke Riga Baƙi Sauka

Kafin tawagar baƙi ta hau jirgi, an riga an sha musayar saƙonni da kiran waya, an sa rana an ɗage, an sake sawa. Imel na ƙarshe shi ne mai tattara duk abin da aka tsayar a wuri ɗaya. Jami'an tarbar baƙi kan rubuta shi da tunanin mutumin da ya sauka a gajiye, layinsa bai kama ba, ga jaka a hannu, yana neman sanin wa zai ɗauke shi, a ina, da ƙarfe nawa.

A ɗauki misalin malaman jami'a daga Ghana da za su yi kwana uku a Kano, Laraba zuwa Juma'a. Tarko na farko shi ne agogo. Kano tana gaban Accra da awa ɗaya, don haka taron ƙarfe 10 na safe a Kano ƙarfe 9 ne a agogon baƙon da bai gyara nasa ba. Jimla ɗaya a saman wasiƙar ta isa: duk lokutan da ke ciki agogon Najeriya ne. Baƙi daga Yamai ko Maraɗi ba su da wannan matsala, agogonsu ɗaya da na Kano.

Kwanan wata ma akan rubuta shi cikakke, "Laraba, 5 ga Nuwamba". Wanda ya rubuta 5/11 kawai, in akwai Ba'amurke a tawagar, 11 ga Mayu zai karanta. Haɗa sunan rana da kwanan wata yana da wani amfanin: idan biyun suka saɓa, mai karatu zai lura ya tambaya tun da wuri.

Sai batun ɗauko baƙi, inda aka fi yin sakaci. "Direba zai jira ku a filin jirgi" ba bayani ba ne. Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano yana da ɓangaren jiragen ƙasashen waje da na cikin gida, kuma baƙon da ya biyo ta Legas ko Abuja ta na cikin gida zai fito, ko da daga wata ƙasa ya taso. Direban da aka ce masa "baƙi ne daga Ghana" sai ya je ya kafa kansa a ɗaya ɓangaren yana ta jira. Shi ya sa wasiƙar take ambaton lambar jirgi da lokacin saukarsa, sunan direba, launin mota da lambarta, da abin da aka rubuta a kwalin da zai ɗaga. Lambar waya kuwa da +234 ake fara ta, a cire sifilin farko, don baƙon ya iya adana ta ya kira tun daga ƙasarsa. Ana ƙara lambar mutum na biyu, domin lokacin hunturu hazo kan jinkirta jirage a Kano, kuma dole a san wanda za a sanar.

Wurin taro shi ma yana bukatar cikakken suna. Jami'ar Bayero tana da tsohon mazauni da sabo a kan hanyar Gwarzo, kuma ba tafiyar ƙafa ba ce tsakaninsu. A faɗi mazaunin, da ginin, da ɗakin, da wanda zai tarbe su a ƙofa. Mai hankali kan raba lokaci biyu: tashi daga masauki 9:15, fara taro 10:00. Idan lokaci ɗaya kawai aka rubuta, rabin tawagar za su ɗauka na tashi ne, rabi su ɗauka na taro.

Ranar Juma'a ba a cika ta da aiki. Tun daga tsakar rana ofisoshi suke fara watsewa, wasu tituna kusa da masallatai kuma sukan toshe, saboda haka ganawa mai muhimmanci da safe ake sa ta. Abin da bai tabbata ba, kamar gaisuwar ban-girma da ake jiran amsarta, a rubuta ƙarara cewa ana jira.

Jadawalin ya kasance a cikin jikin imel ɗin, ba a takardar da aka maƙala kaɗai ba, don takardar ba lallai ta buɗu ba in babu intanet. Idan wani abu ya sauya, a sake tura jadawalin gaba ɗayansa, da ranar gyara a kan taken saƙon, a nuna abin da ya sauya a layin farko. Direba da masauki su sami kwafin sabon, sannan a nemi shugaban tawagar ya amsa cewa ya gani. In amsa ba ta zo ba har kwana guda kafin tafiya, sai a ɗauki waya a kira shi.