Sandar Awo da Tankin da Ke Kwance: Lita Nawa Ta Rage?

A gidajen mai, asibitoci da masana'antun da ke dogaro da janareta, akan ajiye fetur ko dizal a cikin tanki mai siffar duro da aka kwantar. Idan ana son sanin abin da ya rage, sai a zura sandar awo ta bakin tankin har ta taɓa ƙasa, a zaro, a duba inda man ya jiƙa. Sandar ba ta faɗin lita, zurfi kawai take nunawa. Wajen mayar da zurfin zuwa lita ne mutane da yawa ke tafka kuskure, har a zargi ma'aikaci da satar man da bai taɓa ba.

Tankin da ke tsaye faɗinsa ɗaya ne daga ƙasa har sama, don haka kwatan zurfi kwatan mai ne. Na kwance kuwa gindinsa matsattse ne, tsakiyarsa ce mai faɗi, sannan ya sake tsukewa a sama. Santimita ɗaya a tsakiya tana ɗaukar mai fiye da santimita ɗaya kusa da gindi.

A ɗauki tanki mai faɗin mita 2 da tsawon mita 5, wanda ɓangarorinsa biyu a miƙe suke. Cikinsa na cin lita 15,708. Idan sanda ta nuna santimita 100, wato rabin zurfi, man rabi ne cif, lita 7,854. Tsakanin cike da wofi, nan ne kaɗai lissafin kai tsaye yake yin daidai. Idan ta nuna santimita 50, mai lissafin gaggawa zai ce saura kwata, lita 3,927, alhali abin da ke ciki lita 3,071 ne. Ya yi wa kansa ƙarin lita 856 da babu su. Asibitin da ya dogara da wannan lissafi zai iya wayar gari janareta ya mutu ana tsaka da aiki.

A sama kuma kuskuren juyawa yake yi, kuma a ganina ya fi haɗari. A santimita 150, mutum zai zaci akwai gurbin lita 3,927, ya sa tankar mai ta sauke, amma gurbin lita 3,071 ne kawai. Ragowar zuba za ta yi a ƙasa, kusa da injin da ke ci.

Haka batun zargin sata. Daga santimita 100 zuwa 90, man da ya fita ya kusa lita 1,000. Daga 20 zuwa 10 kuwa kimanin lita 520 ne. Maigidan da bai san wannan ba, idan ya ga sanda tana sauka da sauri a ƙarshen wata, sai ya ɗauka ana kwasar masa mai da dare, bayan kuwa injin bai canza yawan shansa ba. Tankin ne ya tsuke.

Maganin abin shi ne jadawalin awo, wanda ke nuna lita a gaban kowace santimita. Kowane tanki da nasa, kuma ba a aron na wani. Wanda ba shi da shi zai iya haɗawa a Excel. A sa rabin faɗin tankin a A1, tsawonsa a B1, zurfin man a C1, duka da mita:

```
=1000*B1*(A1^2*ACOS((A1-C1)/A1)-(A1-C1)*SQRT(2*A1*C1-C1^2))
```

Amsar da lita za ta fito. Sai dai awon ciki ake so, ba na waje ba, kuma idan ɓangarorin tankin masu tudu ne, akwai ƙarin man da wannan lissafi bai ƙirga ba. A nan jadawalin maƙerin tankin ya fi.

Ko da jadawali mai kyau, karkatar tanki na ɓata awo. Idan ƙasa ta lotsa ta gefe ɗaya, kuma bakin awon ba a tsakiya yake ba, sanda za ta riƙa nuna fiye ko ƙasa da gaskiya. A tankinmu, kuskuren santimita 2 a tsakiya lita 200 ne. Ana gane matsalar ta hanyar gwada awon kafin da bayan sauke man da aka san adadinsa. Idan kullum lissafin bai haɗu ba, a duba zaman tankin.

Ruwa ma yana kwantawa a gindi saboda ya fi mai nauyi, sanda kuma ta haɗa shi cikin awo. Akwai man da ake shafa wa ƙarshen sanda, yana canza launi idan ya taɓa ruwa. Sai a duba litar zurfin ruwan a jadawali, a cire ta daga litar jimillar zurfin. Ba a cire santimita daga santimita, domin na gindi ba daidai suke da na tsakiya ba. Bayan sauke mai a jira ya natsu, a zura sandar a miƙe kuma a hankali, a auna sau biyu, sannan a rubuta.