Kaki Ɗaya, Ɗakuna Biyu: Yadda Ake Zaɓar Matakin Kariya a Ɗakin Gwaje-gwaje

Mutum ya yi mako uku yana tari, ya je asibitin garinsu, aka ba shi ƙaramar roba aka ce ya tofa kaki a ciki. Ma'aikaci ya karɓa, ya shafa kaɗan a jikin gilashi, ya rina, ya duba a madubin likita, yana zaune kusa da taga a buɗe. Idan aka yi zargin ƙwayar ba ta jin maganin tarin fuka, sai a aika wannan kakin babban ɗakin gwaji irin na cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye a Zariya. A can, ba a taɓa abin da aka raino daga cikinsa sai an wuce ƙofa biyu, an sa takunkumi mai tace iska, an yi aikin cikin akwati na musamman. Ƙwayar ba ta canja ba. To me ya canja?

Matakan kariya huɗu ne, ana rubuta su BSL-1 zuwa BSL-4. Na farko na ƙwayoyin da ba su saba sa lafiyayyen mutum ciwo ba ne, irin na koyar da ɗalibai. Wanke hannu da tsabtar tebur sun isa. Na biyu shi ne na yawancin asibitoci, inda ake aiki da jini da fitsari da ƙwayoyi irin na taifod: riga, safar hannu, taƙaita masu shiga, da dafa shara a tukunyar tururi mai zafin digiri 121. Na uku an yi shi ne domin cututtuka masu tsanani da ke bin iska. Na huɗu na masu kisa ne waɗanda galibi ba su da tabbataccen magani, irin su Marburg da Ebola da zazzaɓin Lassa, inda ma'aikaci ke shiga cikin rigar da ta rufe shi gaba ɗaya, ana hura masa iska ta tiyo.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka kowace ƙwaya tana da ɗakinta, a duba sunanta a jadawali a gama. Jadawalin yana nan, amma rabin amsa ce. Sauran rabin shi ne aikin da za a yi da ita: yawanta nawa, a wane yanayi take, kuma aikin zai tashe ta sama ko kuwa? Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a bugu na huɗu na littafinta kan kariyar ɗakunan gwaji da ya fito a 2020, ta mayar da nauyin hukunci kan auna haɗarin kowane aiki. A ganina wannan shi ne daidai, musamman inda kuɗi ba su da yawa.

Mu koma ga kakin nan. Ƙwayar tarin fuka ba ta shiga ta fata mai lafiya. Ta huhu take shiga, cikin ɗigon da bai wuce maikiron 1 zuwa 5 ba, wanda ido ba ya gani kuma yana iya daɗewa yana yawo a ɗaki. 'Yan ƙalilan sun isa su kama mutum. Ke nan tambayar da ake yi a kowane mataki ita ce: wannan aikin zai haifar da irin wannan feshin?

Kaki abu ne mai kauri da yauƙi, ƙwayoyin suna maƙale a cikinsa. Wanda ya ɗebo shi da tsinke a hankali ya shafa a gilashi, feshin da zai tashi kaɗan ne. Haka ma gwajin na'urar GeneXpert: ana zuba ruwan sinadari kashi biyu a kan kaki kashi ɗaya, a jira minti 15, kafin a ɗura a kwanson na'urar, kuma a wannan jiran sinadarin ya kashe kusan dukkan ƙwayoyin. Shi ya sa jagorar hukumar ta 2012 kan tarin fuka ta sa waɗannan ayyuka biyu a rukunin ƙaramin haɗari. Ana iya yin su a kan tebur, muddin iska na shiga ta bayan ma'aikaci, ta wuce kan aikin, ta fita waje. Idan ya juya ta yadda iskar ke kwaso abin zuwa fuskarsa, tagar ta zama illa.

Sai mataki na gaba: ana so a raini ƙwayar. Dole a narkar da kakin ya zama ruwa, a jujjuya shi da ƙarfi a injin da ke tara ƙwayoyin a gindin kwalba. Kaurin da ke riƙe su ya tafi. Girgiza, zubawa, buɗe murfi, duk suna iya tayar da feshi. Nan akwatin kariya ya wajaba. Akwati ne mai gilashi a gaba, fanka na jan iska daga wajen ma'aikaci zuwa ciki, ta bi ta matatar da ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ɓurɓushi mai girman maikiron 0.3. Kofunan injin jujjuyawar kuma masu murfi ne, a cikin akwatin kaɗai ake buɗe su.

Bayan makonni, domin ƙwayar tana da nawar girma har akan jira mako 8 kafin a ce ba ta fito ba, kwalbar ta cika da miliyoyin ƙwayoyi masu rai, wataƙila ma masu bijire wa magani. Duk wanda zai buɗe wannan kwalbar, a ɗakin mataki na uku zai buɗe ta. Ginin kansa ya shiga aikin kariya: tagogi a like, ƙofofi biyu da ba a buɗe su lokaci ɗaya, iskar ciki kuma ana zuƙe ta kullum domin matsinta ya gaza na waje. Ta haka duk wata kafa iska take shigowa da ita, ba ta fitarwa. Ana sauya iskar ɗakin sau 6 zuwa 12 a awa.

Irin wannan ɗaki yana iya lalacewa ba tare da an ga alama ba. Wuta ta ɗauke, janareta bai tashi ba, fanka ta tsaya, ɗakin ya zama rufaffen akwati mai tara feshi, wanda ya fi ɗaki mai taga haɗari. Don haka kafin a shiga ake karanta ma'aunin matsi da ke bakin ƙofa. Wasu kan riƙe siririyar takarda a ƙasan ƙofar, in ta karkata ciki, iska na bin hanyarta. Akwatin kariya kuwa ana kiran ƙwararre ya auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara, domin ƙarar fanka ba shaida ba ce cewa matatar ba ta huje ba. In kwalba ta fashe a wajen akwatin, kowa ya fita, a rufe, a jira aƙalla awa ɗaya kafin a shiga gyara.

Zazzaɓin Lassa ya nuna ƙa'idar auna haɗarin kowane aiki ta fuska biyu. A 1969, bayan an kai samfurin jini daga Najeriya zuwa Jami'ar Yale, masanin ƙwayoyin cuta Jordi Casals ya kamu ya sha da ƙyar, wani ma'aikacin ɗakin gwajin ya rasu, aka dakatar da aikin aka mayar da shi Atlanta. Raino ƙwayar har yau aikin mataki na huɗu ne. Amma a Irrua ta Jihar Edo ana gano cutar ba tare da irin wannan ɗaki ba: ana fara kashe ƙwayar da sinadari cikin kariya, sannan a nemi ƙwayar halittarta a ɗaki na yau da kullum.

Ga mai shugabantar ɗakin gwaji, kafin ka karɓi sabon aiki, zauna da ma'aikatanka ku bi shi hannu da hannu, daga karɓar samfur zuwa ƙona shara, ku yi alama a duk inda ake girgizawa ko zubawa ko buɗe murfi. In akwai matakin da kayanku ba su kai ba, ku rufe samfurin da kyau ku aika shi inda suka kai.