Takardar Da Ke Manne A Bangon Asibiti

A yawancin ƙananan asibitoci, kusa da inda ake ajiye bokiti da tsintsiya, akwai takarda manne da bango mai bayanin yadda ake haɗa ruwan bilic na kashe ƙwayoyin cuta. Irinta ake kira SOP, wato tsarin aiki a rubuce, mataki bayan mataki. Na taɓa tsayawa gaban wata mai layi biyar: a zuba bilic ɗaya bisa goma, a zuba a inda jini ya zube, a bar shi ɗan lokaci, a goge, a tabbatar an sa safar hannu. Can ƙasa da ƙaramin rubutu aka ce kada a haɗa shi da wani sinadari. Babba ya sa hannu, an buga hatimi, amma kusan kowane layi da gyara.

Layin farko ya fi ɓoye aibinsa. Ɗaya bisa goma na me? Wani zai zuba kofi ɗaya na bilic a kofi goma na ruwa, wani a kofi tara don jimilla ta cika goma. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsalar ita ce takardar ba ta faɗi ƙarfin bilic ɗin ba. Ruwan da ake so don jini shi ne mai kulorin kashi 0.5 cikin ɗari. Lissafin kofi ɗaya a kofi tara ya dace da bilic mai kashi 5, kuma da alama daga takardar masu irin wannan aka kwafo. Wanda ya fi yawa a shagunanmu mai kashi 3.5 ne, yana rubuce a jikin kwalba. A raba 3.5 da 0.5, a samu 7, a cire ɗaya, saura 6: kofi ɗaya na bilic, kofi shida na ruwa. Mai sharar da ya bi takardar nan da zuciya ɗaya ya zuba kofi goma, ruwansa bai wuce kashi 0.3 da 'yan kai ba. Warin yana nan, hankalinsa kwance, alhali ƙarfin bai kai ba. A ƙasar da zazzaɓin Lassa ke tasowa duk rani, wannan giɓin ba ƙarami ba ne.

Haka "ɗan lokaci". Ga mai gaggawa daƙiƙa talatin ma ɗan lokaci ne, abin da ake bukata kuwa minti goma. Duk inda mai dubawa ya ga "kaɗan", "daidai gwargwado" ko "idan da bukata", ya ja layi ya nemi a sa lamba.

Sai jerin. Mutum daga sama yake karanta takarda, yana karantawa yana aikatawa. Kafin ya iso layin safar hannu ya riga ya goge jinin da hannu tsirara. Akwai kuma matakin da babu shi gaba ɗaya: a fara tsane jinin da ƙyalle ko takardar da za a yar, a wanke da sabulu, sannan a sa bilic, domin jini da datti suna cinye ƙarfin kulorin. Wanda ya rubuta ya san haka sarai. Sabo ne ya sa ya tsallake, don abin da hannu ya haddace baki kan manta da shi.

Gargaɗin ƙasa shi ya fi ba ni haushi. "Wani sinadari" bai faɗa wa kowa komai ba. A kira shi da sunansa: ruwan wanke masai mai asid idan ya gamu da bilic yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, haka ma kwarara bilic a kan fitsari mai yawa yana tayar da iska mai cutarwa. Wurin wannan gargaɗi saman matakin zubawa ne, kafin a buɗe kwalba.

Ba a ofis ake gano waɗannan ba. A ɗauki takardar a ba sabon ma'aikaci wanda bai taɓa yin aikin ba, a ba shi ruwa zalla a maimakon bilic, a ce ya yi abin da ya karanta kawai. Mai dubawa ya kame bakinsa, wanda shi ne mafi wuya. Inda yaron ya tsaya ya ce "ranka ya daɗe, wane kofi?", layin ne da laifi. Inda ya koma sama ya sake karantawa, jerin ya karkace. Inda tsohuwar ma'aikaciya ta ce "ai mu ba haka muke yi ba", a saurare ta, ko dai takardar a gyara ko aikin.

Bayan gyara a sa kwanan wata, a cire tsohuwar daga bango a yaga. A ƙara layi ɗaya: ruwan da aka haɗa ba ya kwana, kullum a haɗa sabo a bokitin roba mai murfi.