Ribar santi huɗu, asarar dala dubu biyu: yadda masu raya kasuwar hannun jari ke cin abinci

A safiyar 1 ga Agustan 2012, cikin kimanin minti 45 da buɗe kasuwar hannun jari ta New York, kamfanin Knight Capital ya tafka asarar da ta kai dala miliyan 440. Bayan shekara biyu, wani kamfani mai irin wannan sana'a, Virtu Financial, ya bayyana cewa a cikin ranakun kasuwa 1,238 rana ɗaya tak ya tashi da asara. Dukansu biyu masu raya kasuwa ne, wato 'yan kasuwar da ke tsaye a kowane lokaci da farashi biyu, na saye da na sayarwa, domin duk wanda ya zo ya sami abokin ciniki nan take.

Mai raya kasuwa ba dillali ba ne. Dillali yana haɗa mai saye da mai sayarwa ne ya karɓi la'adarsa, kaya ba su zama nasa. Shi kuwa wannan da kuɗinsa yake saye, hajar ta zauna a hannunsa har wani ya zo nema. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban ɗan canji a Wapa da ke Kano ya ga tushen sana'ar: akwai farashin da zai karɓi dala, akwai wanda zai bayar da ita, kuma ratar da ke tsakani ce abincinsa.

Yadda ake samun ribar

A ɗauka hannun jarin wani kamfani yana kan dala 50. Mai raya kasuwa zai rubuta cewa yana saye a kan dala 49.98, yana sayarwa a kan dala 50.02, kuma a shirye yake ya yi cinikin hannu 1,000 ta kowane ɓangare. Ratar santi huɗu ke nan. Idan wani ya sayar masa da dubun nan, bayan daƙiƙa kaɗan wani ya saye su, ya ci dala 40, hannunsa kuma ya koma wayam.

Ba shi ke yanke ratar yadda ya ga dama ba, domin abokan gasa na kusa. Wanda ya matse tasa zuwa santi biyu shi ciniki zai koma wa. Kafin shekarar 2001 ana yanka farashi a kasuwannin Amurka da kashi ɗaya cikin sha shida na dala, wato santi 6.25. Da aka koma lissafi da santi, ratar manyan kamfanoni ta faɗo zuwa santi ɗaya, sana'ar kuma ta koma hannun na'urori masu iya maimaita ƙaramar riba sau miliyoyi a rana.

Inda gizo ke saƙar

Masu saye da masu sayarwa ba sa zuwa bi da bi. A ce masu sayarwa ne suka yi ta zuwa har sau goma, babu mai saye ko ɗaya. Yanzu yana riƙe da hannun jari 10,000, hajar kusan rabin miliyan na dala wadda bai taɓa nufin ajiyewa ba. Idan farashi ya sauka da santi 20 kacal daga inda ya saya, ya yi asarar dala 2,000. Sai ya yi cikakken zagaye hamsin na saye da sayarwa kafin ya mayar da ita. Saboda haka kuskure ne a ɗauki rata a matsayin riba tsantsa. Ladan ɗaukar kasada ce, kuma sau da yawa ladan ba ya isa.

Matakin farko da yake ɗauka shi ne karkatar da farashinsa. Maimakon 49.98 da 50.02, sai ya koma 49.95 da 49.99. Masu sayarwa za su ga tayinsa ya yi ƙasa su nufi wani, masu saye kuwa za su ga nasa ya fi araha su zo. Ya haƙura da santi uku cikin huɗu na ribarsa domin hajar ta fita kafin ta yi kwantai. Yana iya kuma rage adadin da zai karɓa daga 1,000 zuwa 200, ko ya faɗaɗa ratar gaba ɗaya idan kasuwa ta rikice.

Idan hajar ta ƙi fita, sai ya nemi garkuwa. Yakan ƙulla yarjejeniyar sayarwa ta gaba a kan ma'aunin S&P 500, wanda ya tattara manyan kamfanonin Amurka, ta yadda idan kasuwa baki ɗaya ta faɗi, abin da ya ci a can ya rufe abin da ya rasa a nan. Garkuwar tana da iyaka. Idan mugun labarin na wannan kamfani ne shi kaɗai, ma'aunin ba zai motsa ba, asarar kuma tana nan a wuyansa.

Wanda ya san abin da ba a sani ba

Wannan ce kasadar da ta fi wuyar gani. Ma'aikacin da ya sayar da hannun jarinsa domin biyan kuɗin makaranta ba ya cutar da kowa. Amma wanda ya riga kowa gano cewa ribar kamfani za ta faɗi zai zuba wa mai raya kasuwa haja ne dab da farashi ya rushe, kuma a kan allo duka biyun kamarsu ɗaya. Masana tattalin arziki Lawrence Glosten da Paul Milgrom sun nuna a 1985 cewa wannan kaɗai ya isa ya haifar da rata, ko da babu wani kuɗin gudanarwa: abin da aka ci daga marasa labari shi ke biyan abin da masu labari suka kwashe.

Ana gane matsalar ta hanyar duba inda farashi ya nufa bayan kowane ciniki, a daƙiƙa ɗaya, da minti ɗaya, da minti biyar. Idan a mafi yawan lokuta ya saya sannan farashi ya ci gaba da sauka fiye da rabin ratarsa, to masu labari ne ke cinsa. Shi ya sa rata ke buɗewa gabanin kamfani ya sanar da ribarsa, kuma shi ya sa masu raya kasuwa ke janyewa a daidai lokacin da aka fi buƙatarsu. A ranar 6 ga Mayun 2010, da suka ja da baya na 'yan mintuna, an yi cinikin hannun jarin Accenture, wanda ke kusan dala 40, a kan santi ɗaya.

Abin da ya kayar da Knight

Duk waɗannan dabaru sun dogara ne a kan kamfani ya san yawan hajar da ke hannunsa a kowace daƙiƙa, kuma ya kasance da iyakar da na'ura za ta tsaya da kanta. Knight ya sabunta manhajarsa, amma ɗaya daga cikin manyan kwamfutocinsa takwas ba ta sami sabon tsarin ba. Wata tsohuwar manhaja ta farka ta riƙa aika odar ciniki ba tare da ƙirga waɗanda aka riga aka cika ba.

Binciken hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ya gano an yi ciniki sama da miliyan huɗu a kan kamfanoni 154. Knight ya tsinci kansa riƙe da hajar kimanin dala biliyan 3.5 a kamfanoni 80, sannan ya sayar da ta kusan dala biliyan 3.15 da bai mallaka ba a wasu 74. Babu karkatar da farashin da zai fitar da kaya masu wannan yawa, dole ya rabu da su da faɗuwa. Cikin 'yan kwanaki wasu masu zuba jari suka ceto shi da dala miliyan 400, kuma a 2013 aka haɗe shi da kamfanin Getco.