Kyandiran Heikin-Ashi da Kyandiran Farashi na Yau da Kullum

A jadawalin farashin hannun jari, zinari ko kuɗin ƙasashen waje, kowane kyandir yana wakiltar wani ƙayyadadden lokaci, ko awa ɗaya ko yini guda. Farashi huɗu ne ke gina shi: na buɗewa, na rufewa, mafi tsada da mafi araha. Jikin kyandir shi ne tazarar da ke tsakanin buɗewa da rufewa, siraran layukan da ke sama da ƙasa kuma su ne lagwani. Idan kasuwa ta rufe sama da yadda ta buɗe, akan shafa masa launin kore, idan ta rufe ƙasa kuwa, ja. Daga Japan wannan salo ya fito, kuma littafin Steve Nison na 1991 ne ya yaɗa shi a ƙasashen yamma.

Matsalar kyandir na yau da kullum ita ce hayaniya. Ko da farashi yana hawa mako guda cur, jajayen kyandira kan ratsa tsakanin koraye, har mai kallo ya ruɗe. Don rage wannan aka samar da Heikin-Ashi. A harshen Japan, kalmar farko tana nufin matsakaici, ta biyun kuma kyandirin kansa.

Ga yadda ake lissafa shi, inda O ke nufin buɗewa, H mafi tsada, L mafi araha, C kuma rufewa:

```
HA_C = (O + H + L + C) / 4
HA_O = (HA_O na baya + HA_C na baya) / 2
HA_H = max(H, HA_O, HA_C)
HA_L = min(L, HA_O, HA_C)
```

Sirrin yana layi na biyu. Kowane sabon kyandir daga tsakiyar jikin wanda ya gabace shi yake tashi, ko da a ina kasuwa ta buɗe. Saboda haka rufewar kyandirin jiya tana da rabin tasiri a buɗewar na yau, ta shekaranjiya tana da kwata, haka tasirin ke raguwa da rabi-rabi.

A ɗauka wani hannun jari yana ta hawa, kuma kyandirin Heikin-Ashi na Litinin ya buɗe a naira 100, ya rufe a 106. Ranar Talata kasuwa ta buɗe a 110, ta taɓa 112, ta sauka 102, ta rufe a 104. Kyandir na yau da kullum zai fito ja, domin an yi faɗuwar naira 6. Shi kuwa Heikin-Ashi, jimlar farashin huɗu 428 ce, idan aka raba gida huɗu a samu 107. Buɗewarsa tsakiyar 100 da 106 ce, wato 103. Ke nan zai fito kore, daga 103 zuwa 107, a ranar da kasuwa ta faɗi.

Idan Laraba farashi ya ci gaba da hawa, wannan koren ya yi amfani, domin ya hana ɗan kasuwa sayarwa cikin firgici. Amma a ce ranar Laraba an buɗe a 104, an taɓa 105, an sauka 97, an rufe a 98. Rufewar Heikin-Ashi za ta zama 101, buɗewarsa 105. Sai a lokacin ya koma ja. Wanda ya jira canjin launi zai sayar a wajajen 98 maimakon 104, bambancin naira 6,000 ke nan a hannun jari 1,000. Santsin da ke kawar da hayaniya shi ne kuma ke jinkirta labari.

Shi ya sa masu amfani da shi ba launi kaɗai suke dubawa ba. Koren kyandir marar lagwani a ƙasa alamar hawa mai ƙarfi ce, ja marar lagwani a sama kuma alamar faɗuwa mai ƙarfi. Ƙaramin jiki mai lagwani sama da ƙasa yana nuna tafiyar ta fara sanyi. A misalin nan, kyandirin Talata ya fitar da lagwani zuwa 102, gargaɗin farko ke nan.

Akwai wasu abubuwa biyu da ake rasawa. Na farko shi ne farashi na gaskiya. Kasuwa ta rufe a 104 ranar Talata, 107 ɗin da ke jadawali sakamakon lissafi ne kawai. Wanda ya gwada dabararsa a kan tsofaffin bayanai da irin waɗannan lambobi zai ga ribar da ba za ta samu a zahiri ba, shi ya sa umarnin saye, sayarwa da iyakar asara ake ɗora su a kan ainihin farashi. Na biyu shi ne giɓi. Idan wani labari ya sa kasuwa ta buɗe nesa da inda ta kwana, kyandir na yau da kullum yana nuna tsallen ƙarara, Heikin-Ashi kuwa yana shafe shi.

A kasuwar da ta ɗauki hanya ɗaya na tsawon lokaci, Heikin-Ashi yana sauƙaƙa karatu. A wadda take kai-komo wuri guda, launinsa yakan sauya a makare sau da yawa, kowane sauyi da asararsa. Don haka ake yawan ajiye jadawalan biyu gefe da gefe, a karanta alƙibla a ɗaya, a ɗauki farashi a ɗayan.