Tallan Salla a Bakin Ɗan TikTok

Kamfanin shadda da ya ɗauki tauraron TikTok don tallan Ƙaramar Salla ba ya sakar masa baki haka kawai. Takarda yake ba shi.

A ciki akwai abin da dole ya faɗa: cewa biyan sa aka yi, kuma rangwamen na yadi biyar ne, ranar jajibere zai ƙare. Idan ya ce "duk kaya sun sauka," masu saye za su cika shago da rigima, don alkawarin ya zama na kamfani.

Sai iyakar lafazi. Barkwanci ya halatta, amma ban da yi wa wanda bai ɗinka sabon kaya ba gori, ban da jawo aya don sayar da yadi. Shi ya sa, a ganina, gara kamfani ya kalli bidiyon kafin a sake shi.