Yadda ake lissafin kuɗin ƙarin lokacin aiki: Abin da ya kamata ma'aikata a Agege su sani

A unguwannin Hausawa da ke Agege a jihar Legas, akwai ɗimbin mutanen da aikinsu ba ya ƙarewa da faɗuwar rana. Daga cikinsu akwai masu aiki a gidajen burodi, da masu gadi, da direbobin kamfanoni, da ma'aikatan masana'antun da ke Ogba da Ikeja. Da yawa daga cikinsu suna ƙara sa'o'i a kan lokacin da aka tsara musu, amma idan wata ya ƙare ba sa iya tantance ko kuɗin da aka ƙara musu ya cika ko an tauye shi.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta yanke adadin da za a biya a kan ƙarin lokacin aiki ba. Sashe na 13 na dokar ya bar tsara sa'o'in aiki na yau da kullum ga yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ko sasantawa da ƙungiyar ƙwadago, ko hukumar tsara albashi ta masana'antu. Duk sa'ar da aka yi sama da waɗannan sa'o'i ita ce ƙarin lokaci. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta ta farko ta shekarar 1919, ta sanya kuɗin sa'a ɗaya da rubu'insa a matsayin mafi ƙarancin abin da za a biya a masana'antu. Sai dai a Najeriya abin da ma'aikaci zai riƙe ya nemi haƙƙinsa da shi shi ne abin da aka rubuta a takardar aikinsa.

Saboda haka ne sashe na 7 na dokar yake da nauyi a wannan batu. Ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda a rubuce cikin wata uku da fara aiki, wadda za ta bayyana albashinsa, da yadda ake lissafa shi, da sa'o'in aikinsa. Mai gadin da takardarsa ta ce aikinsa sa'o'i 12 ne a kowace rana, ba zai fara lissafin ƙarin lokaci daga sa'a ta tara ba, domin sa'o'i 12 ɗin su ne aka amince a kansu tun farko.

Lissafin yana farawa ne daga gano kuɗin sa'a ɗaya. A ɗauki misalin wani ma'aikacin gidan burodi a Agege mai albashin naira 88,000 a wata, wanda ke aiki kwana biyar a mako, sa'o'i takwas a rana. Idan aka ƙiyasta kwanakin aiki 22 a wata, sa'o'insa sun zama 176. Idan aka raba naira 88,000 gida 176, za a ga cewa kowace sa'a tasa tana kan naira 500. A kan wannan adadi ne za a gina duk sauran lissafin.

A ƙaddara cewa takardar aikinsa ta tanadi abubuwa uku. Ƙarin lokaci a ranar aiki za a biya shi da kuɗin sa'a ɗaya da rabi, aikin ranar hutu za a biya shi ninki biyu, aikin dare kuma yana da ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Waɗannan ƙa'idoji na misalin ne, kuma kowace ma'aikata tana iya samun nata.

A cikin watan, ma'aikacin ya ƙara sa'o'i 10 da rana a ranakun aiki. Kuɗin sa'a ɗaya da rabi ya kama naira 750, don haka sa'o'i 10 sun ba shi naira 7,500. Ya kuma fito aiki a ranar hutunsa sau ɗaya, ya yi sa'o'i takwas. Ninki biyu ya kama naira 1,000 a kowace sa'a, wato naira 8,000 ke nan.

Inda aka fi samun saɓani shi ne sa'o'in da suka haɗa siffa biyu, wato ƙarin lokaci ne kuma da dare aka yi su. A ce ma'aikacin ya yi sa'o'i shida irin waɗannan. Wasu ma'aikatu suna tara ƙarin biyun ne a kan asalin kuɗin sa'a, sai a ɗora naira 125 ta dare a kan naira 750, sa'a ta zama naira 875, sa'o'i shida su kama naira 5,250. Wasu kuma suna cire kashi 25 ɗin ne daga naira 750 ɗin kanta, sai sa'a ta zama naira 937 da kwabo 50, jimilla naira 5,625. Akwai kuma masu biyan mafi girma daga cikin biyun kawai. Dokar ba ta zaɓi ɗaya ba, don haka wajibi ne takardar aiki ta fayyace. Idan aka bi hanyar farko, ƙarin kuɗinsa na watan ya zama naira 20,750, albashinsa gaba ɗaya kuma naira 108,750 kafin a cire haraji da sauransu.

Akwai wurare biyu da kuɗin ma'aikaci kan ragu ba tare da an taɓa ninkin ba. Na farko shi ne adadin sa'o'in da aka raba albashin da su. Idan aka raba naira 88,000 da sa'o'i 208, waɗanda su ne na mai aikin kwana 26, alhali shi kwana 22 yake yi, kuɗin sa'a zai sauko zuwa kimanin naira 423. A nan ƙarin kuɗin nasa zai koma kusan naira 17,560, ya yi asarar sama da naira 3,000 a wata guda. Na biyu shi ne albashin da aka ɗauka a yi lissafin. Idan an kasa albashin zuwa asalin albashi da alawus-alawus na gida da sufuri, aka kuma yi lissafi da asalin kaɗai, misali naira 44,000, ƙarin kuɗin zai ragu da rabi, ya koma naira 10,375.

Hanyar gano hakan mai sauƙi ce. Ma'aikaci ya ɗauki kuɗin da aka biya shi na ƙarin lokacin rana, ya raba da yawan sa'o'in, sannan ya raba da ɗaya da rabi. Idan abin da ya fito bai kai kuɗin sa'arsa ba, to an sauya ɗaya daga cikin abubuwan nan biyu.

Dangane da ranar hutu kuwa, dokar ta yi magana ƙarara. A cikin kowane kwana bakwai, ma'aikaci yana da haƙƙin hutun da bai gaza sa'o'i 24 a jere ba. Idan aka rage masa wannan hutu, ko dai a rama masa shi cikin kwana 14, ko a biya shi da farashin ƙarin lokaci. Dokar ba ta ce lallai ranar ta kasance Lahadi ba. Wanda aka amince Juma'a ce ranar hutunsa, aikin da ya yi ranar Juma'a ne ke shiga wannan tanadi, Lahadi kuwa ranar aiki ce a wurinsa.

Haka kuma, waɗannan tanade-tanade sun fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis ne, domin dokar ta ware masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru daga ma'anar ma'aikaci da ta bayar.

Idan saɓani ya taso, ana iya kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi ta Tarayya da ke Legas, ko kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Ikoyi. A duka wuraren biyu, hujja ce abin dogaro. Takardar aiki, da takardar biyan albashi, da littafin da ma'aikaci ya riƙa rubuta lokacin shigarsa da na tashinsa a kowace rana, su ne za su nuna sa'o'in da ya yi da kuma farashin da aka amince za a biya shi.